Gaban Saniya da Bayanta

Ranar da Dakta Zulaikha Muhammad Nur ta kama aiki a matsayin shugabar wani ƙaramin asibitin dabbobi da ke wani gari mai babbar kara, wato kasuwar shanu, tsakanin Babura da bakin iyaka, ma'aikatan wurin a tsaye ta same su, sun jeru a jikin bango kamar masu jiran hukunci. Ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta. Shugaban da ya bar kujerar mutum ne mai zafin rai, wanda in sirinji ya faɗi ƙasa sai makwabta sun ji muryarsa, don haka kowa ya koyi rufe bakinsa da ɓoye kuskurensa.

Zulaikha gajeriya ce ta gaske, 'yar Barebarin Roni, mai siririyar murya. Da ta hau kujerar shugaba, wata doguwar kujera ta katako da aka yi wa wancan ƙaton, sai ƙafafunta suka kasa taɓa ƙasa, suna ta lilo. Ta ga wata matashiya mai kula da ɗakin magani, Sadiyya, tana cije leɓe don kar dariya ta kufce mata.

Zulaikha ta dubi ƙafafunta, ta dube su, ta ce, “Ku daina leƙen ƙofa, babu saura a waje. Iya ni ɗin ke nan aka aiko muku. In akwai kafinta a garin nan, a roƙe shi ko ya rage kujerar nan ko ya ƙara ni.”

Dariya ta ɓalle wa Sadiyya. Sai Musaddiƙ, mai yin allura, ya biyo ta, sai sauran. Kafin dariyar ta lafa Zulaikha ta ce kowa ya nemi wuri ya zauna. Ta tambaye su yadda firij ɗin magani yake aiki, da wanda ke duba shi safe da yamma, da rugagen da suka daɗe ba a je ba. A wannan zaman ta ji abubuwan da wanda ya gabace ta bai taɓa ji ba, har da cewa batirin sola ya yi sanyi, kuma kowa ya sani amma ba mai iya faɗa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: Malam Ɗayyabu, mataimakinta. Ya girme ta nesa ba kusa ba, ya daɗe a wurin har makiyaya suna kiransa likita duk da ba takardar likita ce da shi ba, kuma ya sa rai shi za a ba kujerar. Hannunsa yana da kyau a aiki, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ya zauna a gefe yana jan carbi, yana kallonta ta wutsiyar ido.

Zulaikha ba wawta ce ta sa ta wasa da kanta ba. Tun tana makaranta ta gane cewa mutane za su yi dariyar tsayinta ko ta yarda ko ba ta yarda ba, gara ta riga su, ta zaɓi inda dariyar za ta tsaya. Tana da abubuwan da ta ware don a yi raha da su: tsayinta, da shayin da take dafawa wanda ta ce ko akuya ta shinshina sai ta yi atishawa, da Fulatancinta da bai wuce gaisuwa ba, da yadda take ƙanƙame ƙarfen babur idan aka shiga yashi tana salati. Waɗannan ba su ci mata komai ba. Amma a kan lokacin zuwa aiki, da tsaftar allura, da awon magani, ba ta wasa. Wanda ya makara za ta gaya masa a fili, ba tsawa, ba murmushi. Ma'aikatan suka fahimci cewa matar nan za a iya yi mata magana, amma ba za a iya yi mata ha'inci ba.

Haka aka yi ta tafiya har bazara ta kama. Wata ranar kasuwa aka kawo wani bijimi da ya kwanta a kara, dillalai da makiyaya suka yi da'ira. Zulaikha ta duba shi, ta ce a yi masa allura ta jijiyar wuya, ta miƙa wa Musaddiƙ sirinji. Musaddiƙ ya soka bai samu jijiya ba. Ya sake, bai samu ba. Gumi ya keto masa, wani dillali ya ce, “Yau dai wuyan bijimin nan ya zama rariya.”

Tausayinsa ya kama ta. Ta matso ta danne masa gindin jijiyar da babban yatsa har ta taso, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Kwantar da hankalinka, Musaddiƙ. Ni nan da kake gani, ranar da na fara shiga makaranta ban san gaban saniya da bayanta ba.”

Aka kwashe da dariya, Musaddiƙ ya ja numfashi, ya soka, jini ya biyo sirinji. Bijimi ya samu maganinsa.

Tun maganar ba ta gama fita daga bakinta ba ta ji wani abu ya tsaya mata a rai. Wannan ba tsayi ba ne, ba shayi ba ne. Saninta ta taɓa, a tsakiyar kasuwa, a gaban mutanen da dukiyarsu ke hannunta. Ta ɗaga kai ta ga Malam Ɗayyabu yana murmushi, irin murmushin wanda ya tsinci abu a hanya.

Ba a yi nisa ba maganar ta zaga gari, amma an gutsure mata kai. Ba mai cewa “ranar da na fara shiga makaranta.” Abin da ake cewa shi ne, sabuwar likita da bakinta ta ce ba ta san gaban saniya da bayanta ba. Sadiyya ce ta zo ta gaya mata, tana sunkuyar da kai, ta ce a teburin mai shayi na bakin kara Malam Ɗayyabu yake ba da labarin, har yana kwaikwayon muryarta. Makiyaya suka fara zuwa asibiti suna wuce ofishinta, suna tambayar Malam Ɗayyabu. Wani ma ya leƙo ya ce mata, “Yarinya, ina likitan?”

Da ta je gida Roni hutun ƙarshen mako, ta tarar labarin ya riga ta, don masu motar Babura ba su bar komai a hanya. Kakarta, Ya Kaka, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ko gaisuwa ba ta bari ta gama ba.

“Ke yanzu duk karatun nan da aka yi miki, wasan yara kika je yi wa mutane? Wanda ya mai da kansa dusa ai awaki ne za su cinye shi. Ki ɗaure fuska. Shugaba ba ya washe haƙori. Kakanki da yake sarkin kasuwa, in ya yi tari sai an nutsu.”

“Ya Kaka, wanda na gada a kujerar nan ya ɗaure fuska har ta kusa tsinkewa. Kin san abin da ya samu? Firij ya lalace a gabansa ba wanda ya gaya masa.”

“To ke me kika samu? Raini.”

“Na yi kuskure a magana ɗaya, na sani. Na ba da abin da bai kamata in bayar ba. Amma don na ƙone da miya ba zan daina cin tuwo ba. Ba zan koma in zama dodo don Malam Ɗayyabu ya ji daɗi ba.”

Ya Kaka ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, “Taurin kan nan dai ba a ƙasa kika tsince shi ba. Allah ya sa ki gama lafiya.”

Ta koma aiki ba ta canza komai ba. Da safe ta shigo ta ce wa Sadiyya ta ɗauko mata kwalin safar hannu daga saman kantar magani, don ita sai ta nemi tsani da izinin hukuma kafin ta kai can. Sadiyya ta yi dariya, amma da ɗan tsoro a ciki, tana satar kallon Malam Ɗayyabu. Shi kuwa ya ce, “Ai Dakta, ba kanta kaɗai ba, abubuwa da yawa sun fi ƙarfinki a nan.” Zulaikha ta dube shi har sai da ya kawar da kai, ta ce, “Kanta kaɗai na ambata, Malam Ɗayyabu.” Ta wuce.

A wannan watan aka kawo rigakafin ciwon huhu na shanu. Maganin gari ne a 'yan kwalabe, dole ya zauna cikin sanyi, kuma in an haɗa shi da ruwansa sai a yi sauri a gama da shi, don ba ya jure zafi ko jira. Zulaikha ta raba rugage. Ranar da aka sa za a je rugar Ardo Hamma, mafi girman garke a yankin, sai aka kira ta taro a Kazaure. Ta damƙa aikin ga Malam Ɗayyabu, ta haɗa shi da Musaddiƙ.

Washegari da hantsi tana ofis Musaddiƙ ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

“Shigo mana. In tsayina kake jira ya ƙaru kafin ka yi magana, za ka kwana a nan.”

Ya yi ɗan murmushi, ya shigo, ya tsuguna. Ta ce ya hau benci.

“Dakta, allurar jiya ba ta yi ba.”

Murmushinta ya ɗauke. “Faɗa mini yadda aka yi.”

Ya ce babur ɗinsu ya yi faci a tsakiyar daji, kular magani ta daɗe a rana kafin su samu mai gyara. Da suka isa ruga suka buɗe, ƙanƙara ta narke, ruwan ma ya yi ɗumi. Ya ce wa Malam Ɗayyabu su koma, shi kuwa ya ce shanu sun riga sun taru, ba zai ji kunya a gaban Ardo ba. Kuma don a yi sauri ya haɗa kwalaben gaba ɗaya tun da farko, aka yi ta amfani da su har la'asar.

“Malam Ɗayyabu ya ce in yi shiru, ba mai ganewa. Wallahi Dakta ban yi barcin kirki ba. Da wancan maigidan ne da ba zan faɗa ba, ko da shanun duniya za su ƙare. Amma ke na ga ana iya gaya miki abu.”

 Zulaikha ta san abin da wannan yake nufi: shanun Ardo an soke su a banza. Masu su suna ganin an kare su, za su shiga da su kasuwa da mashaya ba tsoro, alhali ba kariyar komai a jikinsu. Kuma ba abin da makiyayi ya ƙi kamar a soki dabbarsa sau biyu.

“Ka yi daidai da ka faɗa. Laifinka na bin sa yana nan, za mu yi maganarsa. Yanzu je ka kira mini shi, ka kuma ce Sadiyya ta shirya wata kular da sabuwar ƙanƙara.”

Malam Ɗayyabu ya zo yana huci. Ya ce Musaddiƙ yaro ne bai san komai ba, ruwan da sauran sanyinsa. Ta tambaye shi ko gaskiya ne ya haɗa kwalaben duka lokaci guda. Bai musa ba. Ta ce, “To mu je. Da kai za a yi bayani.”

Sun isa ruga rana ta take. Ardo Hamma dattijo ne dogo siriri, mai farin gemu, yana zaune a inuwar wata bishiyar gawo da 'ya'yansa da ƙannensa. Zulaikha ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi. A ranar ba ta gwada Fulatancinta ba, don ba ranar raha ba ce. Ta faɗi abin da ya kawo ta ba kwana-kwana: maganin jiya zafi ya kashe shi kafin a yi amfani da shi, shanunsa ba su samu kariya ba, tana roƙon a sake tara su.

Wurin ya hargitse. Wani ɗan Ardo ya miƙe yana cewa ba za a mai da musu dukiya abin koyon aiki ba. Ardo ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya juya wajen Malam Ɗayyabu.

“Likita, kai ka yi allurar nan. Me ka ce?”

Malam Ɗayyabu ya gyara murya. “Allah ya ja zamanin Ardo, ni dai na daɗe ina wannan aiki, kun san ni. Abin da na yi, na yi. Amma yanzu an kawo masu takarda, sai abin da suka ce.”

Ardo ya dawo da dubansa kan Zulaikha, ya ce a hankali, “'Yar Barebari, ba ke ce aka ce kin faɗa a kara, da bakinki, ba ki san gaban saniya da bayanta ba? Yau kuma ke za ki ce mini aikin wanda ya sani bai yi ba?”

Wasu suka yi dariya. Musaddiƙ ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Zulaikha ta ji zuciyarta tana tafasa, amma ta miƙe tsaye, ta gyara mayafinta.

“Baba Ardo, na faɗa. Ba zan ce ban faɗa ba. Ma'aikacina ne ya kasa samun jijiya a gaban jama'a, na ce masa ni ma ranar da na fara karatu haka nake. Wanda ya kawo maka maganar ya yanke mata kai ya kawo maka gangar jiki. Ina wasa da kaina, kuma ba zan daina ba, don tsayina da muryata nawa ne, ba na aro ba. Amma ban taɓa wasa da dabbar mutum ba. Da ina neman suna a wurinku da na yi shiru, ba wanda zai sani sai ranar da shanu suka fara faɗuwa. Aikin nan a ƙarƙashina aka yi shi, laifin yana wuyana, shi ya sa na zo da ƙafata. Maganin jiya ruwa ne. Ko kun yarda da ni ko ba ku yarda ba, ruwa ne.”

Ba wanda ya yi dariya. Ardo yana shafa gemu.

Tun shigowarsu kunnenta yake jin wani tari daga bayan bukkoki, busasshe, mai fita da ƙyar. Ta ce, “Baba, wace dabba ce take tari a can baya?”

'Ya'yan Ardo suka dubi juna. Ardo ya ce wata karsana ce da suka sayo daga hannun wani baƙo da ya ƙetaro iyaka, gajiyar hanya ce.

“A ba ni izini in gan ta.”

Suka zagaya. Karsanar tana tsaye ita kaɗai, ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, ta fuskanci iska, tana numfashi da nishi. Zulaikha ta ce a riƙe mata ita. Ta sa abin awon zafi, ta duba. Ta ɗora abin sauraro a haƙarƙarinta, wannan gefe da wancan. Sai ta danna tsakanin haƙarƙarin da yatsu, karsanar ta zabura ta yi gurnani.

“Baba Ardo, ka fi ni sanin shanu, ba sai na gaya maka ba. Wannan tsayuwar ba ta gajiya ba ce. Gefen damanta iska ba ta shiga sosai. Sai an kai jininta an auna kafin in rantse, amma duk alamun huhu ne. A ina take shan ruwa?”

 Ardo ya ce, “Da sauran.”

“To ka ga abin da ya sa ban iya yin shiru ba. Ita kam ba a yi mata rigakafi, ba a yi wa mara lafiya. A ware ta nesa, da ita da duk wadda ta fara tari. A raba musu wurin shan ruwa. Kada ko ɗaya ta shiga kara sai na ce. Zan sanar da na sama da ni yau ɗin nan. Masu lafiya kuwa a tara mini su gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi, ni da kaina zan tsaya a kai.”

Ardo ya juya ya kalli Malam Ɗayyabu. “Jiya ka ji tarin nan?”

“Hayaniya ta yi yawa jiya, Ardo.”

Ardo ya juya masa baya. Ya ce wa 'ya'yansa su ja karsanar zuwa can gindin tsauni. Amma ƙaninsa, wanda ke da nasa garken a gefe, ya buga sanda a ƙasa ya ce nasa shanun an gama soke su, ba mai sake taɓa su, ko likitar daga sama ta faɗo. Zulaikha ta roƙe shi, ta sake roƙonsa, ya juya ya tafi.

Da suka koma asibiti ta kira Malam Ɗayyabu ofis, ta bar ƙofa a buɗe. Bai jira ta fara ba.

“Kin kunyata ni a gaban mutanen da suka san ni tun kina goye.”

“Ban ambaci sunanka a can ba. Na ce laifin yana wuyana. A nan kuwa zan ambata. Zan ba ka takardar tuhuma a kan maganin, da kuma cewa da ka yi a rufe maganar. Ka amsa a rubuce.”

“To ai bakinki ne ya jawo miki. Wa ya ce ki riƙa zubar da kanki a gaban yara? Shugaba da wasa! In kina son a girmama ki, ki daina.”

Zulaikha ta jingina da kujera. “Malam Ɗayyabu, ka girme ni, kuma hannunka ya fi na kowa a gidan nan, ni ma na sani. Amma ka saurare ni. Maganar da na yi a kara kuskure ce, na ɗauki darasinta, ba zan sake sa sanina a bakin wasa ba. Sauran kuwa, wallahi ba zan daina ba. Wasan da kake rainawa shi ya sa Musaddiƙ ya iya tako ƙofar nan ya gaya mini gaskiya. Da fuskar da kake so in ɗaure na ɗaure, da yanzu muna zaune muna jiran gawar shanu. Kuma ka riƙe wannan: in na yi dariyar kaina, gayyata ce a yi dariya tare da ni, a lokacin, a wurin. Ba kyauta ba ce da za ka ɗauka ka kai teburin mai shayi. Ranar da ka sake kwaikwayon muryata a bakin kara, a gaban kowa zan tambaye ka, kamar yadda ka yi a gaban kowa.”

Ya miƙe ya fita ba sallama. Sadiyya, da ke ɗakin magani tana jin komai, ta yi kamar tana goge kwalabe.

Washegari tun rana ba ta fito sosai ba suna ruga. Wannan karon kuloli biyu suka ɗauko, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, an ajiye a inuwa. Zulaikha tana haɗa kwalba ɗaya, sai an gama da ita ta buɗe wata. Malam Ɗayyabu ya zo, bai gaishe ta ba sai da ƙyar, amma ya karɓi sirinji ya yi aiki, kuma ba mai saurinsa. Ita tana tsaye a bakin shinge tana duba kowace dabba kafin a soke ta, wadda ta ga numfashinta bai yi mata ba ta ce a fitar da ita gefe.

Can wani ƙaton bijimi mai manyan ƙaho ya fizge igiya ya yo kanta. Zulaikha ba ta san lokacin da ta haye shingen ba, ta dira ta ɗaya gefen a cikin danshin kashin shanu, takalmi ɗaya ya tsaya a can. Aka kama bijimin. Wuri ya yi tsit, samarin ruga suna toshe baki, ba wanda ya san ko a yi dariya ko a yi jaje.

Ta miƙe tana kakkaɓe riga, ta ce, “Ku shaida, yau Babarbariya ta yi tsallen da ba a taɓa yi a zuriyarsu ba. Wani ya miƙo mini takalmina kafin bijimin nan ya ce gado ya ci.”

Ruga ta ɗauki dariya, har mata suna leƙowa daga bukkoki. Ardo Hamma yana share hawaye ya ce, “Ai dama ku Barebari gudu kuka iya! In kin gama zan sa a ba ki nono ki sha, ko kya ƙara tsawo.” Wasan Fulani da Barebari ne da aka gada kaka da kakanni, kuma ba a yin sa da wanda ba a ɗauka da daraja ba.

“Na karɓa, Baba. Musaddiƙ, kwalbar hannunka ta kusa daɗewa, ku ƙarasa ta. A shigo da na gaba.”

Aka koma aiki nan take.

Sakamakon awo ya dawo ya tabbatar da huhu ne. Karsanar ba ta tashi ba, da wasu 'yan kaɗan da suka riga suka kamu a garken Ardo, amma ciwon ya tsaya a nan. Garken ƙaninsa kuwa ya sha wuya kafin damina ta sauka, ya yi asarar shanun da har yau ba ya son a tuna masa. Daga baya shi da kansa ya zo asibiti, ya tsaya a bakin ofishinta ya ce yana neman Dakta, kuma ita yake nufi.

Malam Ɗayyabu ya amsa takardarsa, aka ja masa kunne. Bai taɓa zama abokinta ba, kuma bai taɓa yin dariya ga zolayarta ba ko sau ɗaya. In ta fara sai ya tashi ya fita ya duba babur. Ita ma ba ta neme shi da dariyar ba. Aiki ta nema a wurinsa, kuma yana yi.